Tukunyar wake biyu a mako: amsa ga ɗalibi mai shirin tahowa

"Yaya, ina wuni. Na samu gurbin karatu a waje, amma kuɗin da zai rage mini bayan haya bai taka kara ya karya ba. Na ji an ce wake, shinkafa, doya, gero da gyaɗa za su riƙe mutum. Yaya zan tsara cin mako guda da su, ni da ban taɓa yi wa kaina girki ba?"

Lafiya lau ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun.

Kayan nan biyar da ka lissafa ba matsayinsu ɗaya ba. Huɗu busassu ne, doya kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari nata ruwa ne. Giram 100 na ɗanyar shinkafa ko gero ko wake yana ba da kalori tsakanin 340 da 370, gyaɗa ta haura 550 saboda mai, doya kuwa ba ta wuce 120 ba, kuma sai ka fere ka zubar da ɓawon da ka biya kuɗinsa. Ga ta da nauyi, ga saurin ruɓa, shi ya sa duk inda sai an ɗauko ta daga nesa tsada take yi. Don haka ka mayar da ita abin marmari, guda ɗaya a mako, in ma ta yi tsada ka sa dankali a madadinta. Wake shi ne ginshiƙin tsarin, domin shi da gyaɗa ne ke da sinadarin gina jiki mai yawa, sama da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu. In ka haɗa shi da shinkafa ko gero a wuni ɗaya, abin da wannan ya gaza wancan yana cikewa.

Sayayyar mako ta mutum ɗaya za ta kasance kamar haka: wake giram 700, shinkafa kilo 1, gero rabin kilo, gyaɗa giram 350, mai kwatan lita, da doya mai kimanin kilo ɗaya da rabi. In aka raba wannan gida bakwai yana kama kalori 1,900 a rana. Ƙwai shida, albasa, tumatir na gwangwani, ganye da ɗan madara za su haura da shi 2,000. In kana aikin ƙarfi a gefen karatu, ko jikinka babba ne, ƙara shinkafar da rabin kilo. Ƙwan nan kada ka soke shi don tsumi, domin bitamin B12 babu shi a wake, babu a gyaɗa, babu a hatsi. Sai a ƙwai, madara, kifi ko nama. Kifin gwangwani ɗaya a mako ma yana taimakawa.

Sirrin tsarin yana wurin yawan girki. Wanda ya ce zai dafa wake kullum bayan ya dawo daga aji a gajiye, ba zai yi mako biyu ba zai koma sayen abincin waje, kuma nan ne kuɗin ɗalibi ke zurarewa. Sau biyu za ka ɗora tukunyar wake, Lahadi da Laraba.

Daren Asabar ka tsince giram 400 na wake, ka jiƙa shi da ruwa mai yawa. Farin wake yana dahuwa ko ba a jiƙa ba, amma jiƙon yana rage lokacin wuta, kuma zubar da ruwan jiƙon yana rage kumburin ciki. Da safe ka sake ruwa, ka bar shi ya tafasa sosai, sannan ka rage wuta. Minti 40 zuwa awa ɗaya ya isa. Ka murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, in ta narke ba tsakuwa a tsakiya ya nuna. Kada ka zuba tumatir tun farko, tsaminsa yana hana wake laushi. In kuma jan wake mai siffar ƙoda ka samu da araha, dole ya jiƙu, dole ya yi tafasa mai ƙarfi na aƙalla minti 10, in ba haka ba yana sa amai da zawo.

Giram 400 ɗin nan zai zama kusan kilo guda bayan dahuwa. Ka bar shi fari, da gishiri kawai, ka raba a roba huɗu. Yayin da yake kan wuta ka soya miyar tumatir da albasa wadda za ta kai ka Laraba. Lahadi ka ci wake da shinkafa da miya. Litinin da rana haka nan, da dare kuma ka dafa rabin doyar ka ci da miya da ƙwai. Talata ka zuba roba ɗaya a cikin miyar da ganye, ya zama fate. Ragowar doyar ka cinye ta zuwa Laraba, domin da zarar an yanka ta gefen yana fara baƙi da laushi. Ranar Laraba ka ci roba ta huɗu, ka dafa sauran giram 300 na Alhamis, Juma'a da Asabar, miyar kuma ta zama ta gyaɗa: cokali huɗu na niƙaƙƙiyar gyaɗa a dama da ruwan ɗumi, a zuba kan soyayyar albasa, a bar ta a ƙaramar wuta har mai ya taso sama. Canjin miyar nan shi ke hana ƙosawa. Waken ɗaya ne, baki ne ake yaudara. Robar Asabar ka jefa ta firiza tun ranar Laraba.

Karin safe gero ne, wajen giram 70 na gari a dama kunu, a sa cokalin gyaɗa da madara. Minti biyar ne, kuma yana riƙe ciki har azahar fiye da burodi da shayi. Shayin ma ka ba shi tazara da cin wake, don yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki. Lemo ko ɗanyen tumatir kuwa ƙara shigarsa suke yi.

Wurin ajiya ne sabon shiga ke asara. Dafaffen wake kwana uku zuwa huɗu yake yi a firji. In ya fara yauƙi, ko tsami, ko ka ga kumfa a samansa, zubar kawai. Shinkafa ta fi shi haɗari, domin akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga tafasa, ta yaɗu in shinkafar ta kwana a tukunya, kuma ɗumame ba ya kashe dafin da ta bari, wani lokaci ko wari ba za ka ji ba. Shi ya sa ban ce ka dafa ta ta mako ba. Minti 20 take ɗauka, ka dafa ta yau da ta gobe kawai, ka baza ragowar a faranti ta huce cikin awa guda, ta shiga firji, ka ɗumama sau ɗaya tak.

Garin gero yana da mai, don haka yana saurin ɗaci. Kada ka sayi fiye da na wata guda, kuma ka rufe shi a wuri mai sanyi. Gyaɗar da ta yi furfura, ko ta yanƙwane, ko ta yi ɗaci a baki, kada ka ji tausayin kuɗinka, fumfunar da ke kama ta tana lahanta hanta, suya kuma ba ta kawar da gubar. Wake in ka ga ƙananan huji da gari a ƙasan leda, ƙwari sun shiga. Sabon saye ka sa shi firiza na mako guda kafin ka juye a roba mai murfi.

Makon farko kada ka sayi buhu, ko da ya fi araha a kilo. Ka gwada ma'aunin nan na mako biyu, ka rubuta abin da ya ƙare da wuri da abin da ya yi saura, ka kuma ga girman gurbin da abokan zama suka bar maka a firji, sannan ka sayi shinkafa da wake da yawa. Ka nemi tukunya biyu masu murfi da robobi shida tun ranar da ka sauka.