Farashin kayan farko ko matsakaici: wanne ke nuna riba mai yawa?

"Ina sayar da shinkafa a Kasuwar Singa. Na sari kaya sau biyu, farashi daban. Da wanne zan ƙirga ribata?"

Alhaji, a ce ka sari buhu 100 a kan naira 50,000 kowanne, daga baya wani 100 a kan 60,000. Ka sayar da 120 a kan 65,000, ciniki ya kama miliyan 7.8.

Idan ka ɗauka kayan da suka fara shiga su suka fara fita, buhu 100 na farko miliyan 5 ne, 20 na sabon sari kuma miliyan 1.2. Riba miliyan 1.6 ke nan. Idan kuwa ka gauraya farashin, kowane buhu ya tsaya 55,000, 120 ɗin sun ci miliyan 6.6, riba ta koma miliyan 1.2.

Wannan 400,000 ba kuɗi ba ne a aljihunka. Tana kwance cikin buhu 80 da suka rage a sito: hanyar farko ta ƙiyasta su miliyan 4.8, ta biyu miliyan 4.4.

Ni dai, idan kaya na tashi, na fi natsuwa da matsakaicin, don na ga masu cin ribar takarda, ranar sari uwar kuɗi ta gaza. Idan farashi na sauka, lissafin juyawa yake yi. Wadda ka zaɓa dai, kada ka riƙa sauya ta kowace shekara.