Kawo shi ɗinki, amma ba zai taɓa almakashi ba tukuna

"Maigida, ƙanena ya gama sakandare yana zaune ba aikin yi. Baba ya ce in tambaye ka, tsakanin ɗinki da aski da gyaran waya wanne ya fi dacewa a sa shi?"

Ka ce wa Baba ɗinki. Da wani ne ya yi min wannan tambaya sai in ce bai san inda ya shigo ba, amma kai da kake zaune a shagon nan kana ganin abin da keke yake ciyarwa, ban san me ya rage maka ka tambaya ba.

Aski ba abin rainawa ba ne, sai dai sana'ar da yaro zai iya a 'yan watanni, ɗan maƙwabcinku ma zai iya ta a 'yan watanni. Leƙa kowane lungu a Birnin Kebbi ka ga shagunan aski. Ga kilifa ba ta motsi sai da wuta ko caji, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 wanda ya dogara da janareta ya san abin da ake ciki. Gyaran waya akwai kuɗi, ban musa ba, kuma shi ne yaran yanzu suke so don a gan su da waya a hannu. Amma abin da ka koya bana, baɗi an sake fito da wani samfuri, kayan gyaran kuma sai an aiko maka daga Kano. Ni keken ƙafata Butterfly da na fara da ita har yau tana ɗinki, a kawo wuta ko a ɗauke, kuma babbar riga ba ta canza fasali ba tun kakanninmu.

Abin da ya haɗa tela da mai gyaran waya shi ne dukansu kayan mutane suke riƙewa, kayan da sau da yawa sun fi kuɗin aikin nesa ba kusa ba. Nan ne ake karyewa, ba a wajen taka keke ba. Taka keke da zura zare da ɗinka aljihu, wannan ko wa ya zauna wata biyu zai iya, ba zan ɓata bakina a kai ba.

Kafin ka zo nan akwai wani yaro da na riƙe, hannunsa da kyau, amma ga rawar kai. Ana saura kwana goma sha biyu ƙaramar Sallah, lokacin da ba ma barci, na tafi Argungu ta'aziyya. Wani mutum ya zo da babbar mota, ya ajiye shadda a leda, ya ce gezna ce yadi goma daga Kano aka kawo masa, babbar riga da 'yar ciki da wando yake so, zai sa ranar Idi. Yaron ya ga mota, ya ji ana ce masa "ƙaramin oga", ya gwada mutumin, ya karɓi leda bai ko buɗe ba. Kuma don ya burge ni, kafin in dawo ya shimfiɗa ya yanka babbar rigar.

Kai ka san lissafin. Ga cikakken mutum, babbar riga tana cin wajen yadi biyar, 'yar ciki uku, wando biyu. Da na dawo na ɗauki abin da ya rage, sai na ga 'yar ciki kawai zai fitar, wando babu. Yadi takwas aka kawo. Ina shafa shaddar kuma na ji ba gezna ba ce. Na zare zare ɗaya daga gefe na kunna masa ashana: maimakon ya ci ya bar toka mai laushi da warin takarda kamar yadda auduga take yi, sai ya narke ya dunƙule kamar roba. Na ɗiga ruwa a kusurwa na murza, ƙyallin nan ya dushe, sitaci ne kawai.

Na aika aka kira mai shaddar tun kafin a ɗinka komai, don in gaya masa an cuce shi a wajen saye. Ashe ni aka zo cuta. Ya tsaya a bakin shagon nan, mutane suna dawowa daga La'asar, yana ɗaga murya wai na musanya masa gezna da 'yar banza, na kuma sace yadi biyu. Ya fito da rasit na shadda mai tsada, wanda Allah kaɗai ya san ta wace shadda ce. Aka je gaban manyan sana'a, aka zauna. Tambaya ɗaya suka yi min: an auna a gabansa? Ba a auna ba. Akwai inda aka rubuta? Babu. Kuma almakashi ya riga ya shiga, yadin da aka yanka ba ya komawa ya ba da shaida. Suka ce in yi haƙuri in biya, don a kashe maganar kafin ta kai inda ba a so.

Na biya kuɗin gezna yadi goma, a cikin azumi. Keken da nake aikin wuya da shi na sayar, wanda na yi shekaru ina tara kuɗinsa, kuma Sallar nan duk aikin wuyan da ya shigo sai da na kai wa wani ya yi, ribar ta tafi can. Ranar Idi na ga mutumin a filin da wata shadda sabuwa fil. Har yau in na hango motarsa raina ɓaci yake. Yaron kuwa ko haƙuri bai tsaya ya ba ni ba, ya koma acaba.

To wannan littafin rubuta kayan mutane da kuke ganin kamar takura ce, daga nan ya samo asali. Duk yadin da ya shigo, a warware shi gaba ɗaya a gaban mai shi, a sa tef. Kada a ƙirga ninki, ninki yana ƙarya. Yadi inci 36 ne, mita kuwa ta ɗan haura inci 39, don haka a tambaye shi da wanne aka sayar masa, domin mita goma ta kusa yadi goma sha ɗaya, kuma rigima tana tashi a kan wannan ratar. A ɗaga shi a haske a duba huda da tabo da inda launi ya sha bamban. Rubutun da ke bakin shadda kada ya ruɗe ku, masu jabu ma suna bugawa. In an yi shakka a gwada zare da ruwa yana tsaye yana kallo, a gaya masa abin da aka gani. Sannan a yanki ɗan ƙyalle daga kusurwa, a maƙala a shafin da aka rubuta sunansa da yawan yadi da awonsa da ranar karɓa da abin da ya bayar na kafin alƙalami, ya sa hannu. Wanda ya ce yana sauri ba zai jira a auna ba, a miƙa masa ledarsa, ko hakimi ne.

Ƙanen naka in zai zo, ka gaya wa Baba gaskiya tun yanzu. Shekara biyu zuwa uku ne kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma watannin farko guga ne da sa maɓalli da riƙe wannan littafi, almakashi sai na ga hankalinsa. Kuɗin ɗinki kuma lokaci gare shi: azumi, Babbar Sallah, bukukuwan bayan kaka, da kayan makaranta in za a koma a watan Satumba. Da damina shago yakan yi shiru, mutane suna gona, wanda bai ajiye na Sallah ba zai ci bashi. Yaran yanzu so suke su shigo yau, gobe a ba su na kati. In irinsu ne, a kai shi aski, can ne ake samun na yau a yau. In kuwa zai iya zama, Baba ya kawo shi da kansa ranar Asabar da safe, wayarsa kuma a aljihu za ta zauna har a tashi.