Lambar inbois ɗina tana sauyawa da kanta a Excel, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da tayal da fenti a Kano. Wani yaro mai shagon kwamfuta ya haɗa mini Excel da ke ɗauko oda ya fitar da inbois da lamba da VAT da jimilla a rubuce da kalmomi. Yanzu akantan wani kamfani ya dawo mini da takarda, ya ce lamba 0147 ta zo masa sau biyu da kuɗi daban-daban, kuma kwabon da ke kalmomi bai yi daidai da na alƙaluma ba. Sun riƙe mini kuɗina. Hankalina ya tashi, kada a ce ina maguɗin haraji.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, abin yana gyaruwa, amma akantan nan yana da gaskiya. Ka danna gurbin da lambar take, ka duba abin da ke rubuce a sama. Ina kyautata zaton za ka ga `=ROW()-1` ko wani abu mai kama da shi.

Wannan fomula ba ta ba inbois lamba, layin da odar take zaune kawai take ƙirgawa. Odar da ke layi na 148 ita ce 0147 yau. Gobe wani ya fasa sayayya ka goge layinsa a can sama, duk na ƙasa sun hau da ɗaya, odar da take 0148 ta zama 0147, alhali waccan ta farko tana cikin fayil ɗin akanta da hatiminka a kai. Haka ma in ka danna Sort don jera kwastomomi da sunayensu. Excel kuwa ba zai ce maka uffan ba, domin a wurinsa bai yi kuskure ba.

Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan aiki, kuma abin yana ƙona mini rai. Yaro ya kalli bidiyo na ƴan mintoci, ya ga lamba tana ƙaruwa da kanta, ya karɓi kuɗin ɗan kasuwa ya ce an gama. Bai taɓa zama gaban jami'in haraji ana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya ana tambaya ina 0152 ta shiga ba. Wasu ma sa wa fayil suke yi ya ƙara ɗaya duk lokacin da aka buɗe shi, sai ka buɗe don duba farashi kawai lamba ta ƙone, a bar ka da giɓin da ba ka da bayaninsa. Sannan su sa `=TODAY()` a gurbin kwanan wata, ka sake buga inbois ɗin watan jiya ya fito da kwanan yau. Duk ciwo ɗaya ne: abin da ya kamata a rubuta sau ɗaya ya daskare, sun bar shi yana sake lissafa kansa. Lambar inbois kamar lambar da ɗab'i ya buga a littafin rasit take. Ana ba da ita lokacin fitar da takarda, ba ta sauyawa, ba a sake ba wa wani ita, ko da cinikin ya rushe.

Don haka fayil ɗin yana bukatar shafi uku. Oda, inda kowane kaya ke da layinsa da lambar odarsa. Bugu, wato takardar da ake bugawa, wadda ke ɗauko layukan odar da ka rubuta lambarta a C4. Na ukun shi ne wanda yaronka ya manta, Rajista, inda kowane inbois ke da layi ɗaya. Maɓallin fitar da inbois ya riƙa gudanar da wannan makro, wato ƴar manhajar da ke aiki a cikin Excel:

```vba
Sub SabuwarLamba()
    Dim r As Long, n As Long
    With Sheets("Rajista")
        r = .Cells(.Rows.Count, 1).End(xlUp).Row + 1
        n = Application.Max(.Columns(1)) + 1
        .Cells(r, 1).Value = n
        .Cells(r, 2).Value = Date
        .Cells(r, 3).Value = Sheets("Bugu").Range("C4").Value
    End With
    Sheets("Bugu").Range("C2").Value = n
End Sub
```

Yana duba lamba mafi girma a Rajista, ya ƙara ɗaya, ya rubuta ta a matsayin lamba tsagwaronta tare da kwanan ranar. Ka adana fayil ɗin a `.xlsm`, in ba haka ba makron zai ɓace. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a taɓa goge layi a Rajista. In an fasa ciniki, ka rubuta AN SOKE a gefen layin ka bar shi nan. In ka goge na ƙarshe, lambarsa za ta sake fitowa, ka koma gidan jiya. In kuma shago da sito kowa na da kwafin fayil a kwamfutarsa, dole su yi karo, sai dai kowanne ya sami harafinsa, A-0148 da B-0148, amma a Bugu kawai harafin zai fito, a Rajista lamba tsagwaronta za ta zauna, in ba haka ba makron ba zai gane ta ba. Kowane inbois da ya fita ka adana shi a PDF nan take, saboda farashin da ke Oda zai sauya wata rana.

Batun kwabo kuwa, bari mu yi shi da lissafi. A ce katan 12 na tayal a kan ₦8,450, ya kama ₦101,400. Buhu 7 na gam ɗin tayal a kan ₦6,325, ₦44,275. Bokiti 3 na fenti a kan ₦18,500, ₦55,500. Kuɗin kaya ₦201,175. VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun 1 ga Fabrairu 2020, wanda a nan ya ba da 15,088.125. Excel zai nuna maka 15,088.13, jimilla 216,263.13, amma a cikinsa 216,263.125 yake riƙe. Excel ba shi da fomular mayar da lamba kalmomin Turanci, shi ya sa kowa ke kwafo SpellNumber daga shafin Microsoft ya sauya Dollars da Cents zuwa Naira da Kobo. SpellNumber kuwa alƙaluma biyun farko bayan ɗigo kawai yake yanka, sai ya rubuta kwabo 12 inda alƙaluma ke cewa 13. Maganin, a ce kuɗin kaya na F20, kason haraji na F21 a rubuce 7.5%:

```
F22: =ROUND(F20*F21,2)
F23: =F20+F22
B25: =SpellNumber(F23)
```

Kason harajin ya zauna a gurbinsa shi kaɗai, kada a binne shi cikin fomula, kuma takardar ta nuna layuka uku a fili, kuɗin kaya, VAT, jimilla, da lambar TIN ɗinka a sama. In farashinka ya riga ya haɗa da haraji, raba shi za ka yi da 1.075. A ₦107,500 kaya ₦100,000 ne, haraji ₦7,500. Mai cire kashi 7.5 daga jimilla ₦8,062.50 zai samu, ya ɗora wa kansa harajin da bai karɓa ba.

Game da kuɗinka da aka riƙe, kada ka amince da lambobin da ke kwamfutar yanzu, sun riga sun zame. Ka tattaro kwafin takardun da ka buga, ka shigar da su Rajista da hannu, kowacce da lambar da ke jikinta. Ta farkon mai 0147 ta riƙe lambarta. Ta biyun ka shigar da ita ita ma, ka rubuta AN SOKE, ka fitar da sabuwa da lamba ta gaba, a jikinta a rubuta cewa ta maye gurbin 0147 ta kwanan wata kaza. Ka haɗa da gajeriyar wasiƙa mai sa hannunka da hatimi ka kai wa akantan, ka karɓo sokakkiyar ka ajiye a fayil ɗinka. Kafin ka tafi, ka bi sauran takardun sosai, domin in layi ɗaya ya taɓa zamewa, da wuya a ce 0147 ce kaɗai ta fita sau biyu.