Littafin sakandare a girma 10: wane nau'in rubutu?

"Na kammala littafin Hausa na ƙaramar sakandare, shafi 280. Mai ɗab'i a nan Sakkwato ya ce in mayar da rubutun girma 10 saboda tsadar takarda. Wane nau'in rubutu yara za su karanta ba wahala?"

Malam, Allah ya sa albarka a aikin. Girma 10 zai yi, amma lambar kaɗai ba ta gaya maka komai. Buga layi ɗaya da Garamond, ka sake buga shi da Charis SIL, duka a 10. Za ka ga na biyun ya fi cika ido, domin cikin ƙananan haruffansa, irin su a, e, n, ya fi tsayi da faɗi. Idon yaro cikin harafi yake kamawa, ba doguwar sandarsa ba.

Na taɓa ƙonewa a nan. Na tsara wani littafi da Garamond saboda kyansa a allon kwamfuta, aka buga a takarda mai giram 60. Siraran layukan suka dusashe, rubutun bayan shafi yana leƙowa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ƙugiya. Garamond ɗin da ke kwamfutata ba ya da ɓ, ɗ, ƙ, sai Word ya aro su daga wani nau'in ban lura ba, suka fito kamar baƙi a tsakiyar kalma. Ka tuna ƙugiyar nan ce ta raba kafa da ƙafa, bari da ɓari. In ta shafe, ma'ana ta tafi.

Tun daga nan Charis SIL nake ɗauka. Kyauta ne, yana da haruffanmu manya da ƙanana, har a rubutu mai kauri da na karkace. An gina shi kan Charter, wanda Matthew Carter ya zana a 1987 don injunan da ba sa fitar da rubutu tas, shi ya sa layukansa ke da ƙwari.

Sai dai tazarar layinsa ta asali tana da yawa, za ta ƙara maka shafuka. A Word shiga Line spacing, zaɓi Exactly, sa 13 pt. Kada ka sauka ƙasa da 12, layuka za su cunkushe. In A5 ne, bar santimita 2 kowane gefe, layi zai ɗauki haruffa wajen 65. Da ya haura 75, yaro zai riƙa ɓatan layi yana maimaita wanda ya wuce.

Kafin ka biya kuɗi, kai wa mai ɗab'i PDF, kada ka ba shi fayil ɗin Word, don kar kwamfutarsa ta canja maka rubutu. Ya buga maka shafi biyu gaba da baya a ainihin takardar da zai yi aikin. Ba ɗalibi ɗan aji ɗaya ya karanta da ƙarfi bayan magariba da hasken tocila, yadda yawancinsu ke bita. In ya fara kusanto da takardar fuskarsa, ko ya ce kasa inda ka rubuta ƙasa, ɗaga zuwa 10.5.