Amsa daga Zangon Kumasi kan Cinyewar Gaban Goshi

Ƙanwata, kin tambaye ni ko gaskiya ne kitson da kuke kira Gana wibin ne yake cinye gaban goshi, da kuma yadda mu da aka haifa a zango muke gane shi. Laifin yana ga ƙarfin ja da nauyin ƙarin gashi, domin shuku ko kalaba ma idan aka tamke su za su yi irin wannan ɓarnar.

Akwai wani bambanci tsakaninmu da ku. A yawancin makarantun gwamnati na Gana ana sa 'yan mata su rage gashi sosai har su gama sakandare, saboda haka 'ya'yanmu da yawa ba sa sanin zafin kitso sai sun zama 'yan mata, alhali ku a Kano tun yarinya tana ƙarama ake dafe mata kai. Wannan ya sa muke ganin farkon matsalar ƙarara. 'Yata ta gama makaranta da cikakken goshi, ta shiga yin dogon kitso da ƙarin gashi har gadon baya, tana barinsa wata biyu, kuma tana shafa man miƙar da gashi kafin ta je wurin makitsiya, wanda yake ƙara raunana silin. Kafin shekara ta zagayo, gefen goshinta biyu da saman kunnuwa sun yi fili.

Alamun sun fito tun da wuri, mu ne muka raina su. Takan kwana biyu tana ciwon kai bayan kitso, fatar tana ɗagowa a gindin kowane layi, ƙananan ƙuraje suna fesowa a bakin goshi. Abin da likitan fata ya nuna mana shi ne wani siririn layi na gajerun gashi da ya rage a can gaba, filin kuma yana bayansa. Waɗannan gajerun sun tsira ne saboda hannun makitsiya ba ya iya kama su, kuma ganinsu babbar shaida ce cewa ja ne ya yi aikin. An tsefe kitson, ta yi wata shida tana yin manyan layuka marasa tamka ba tare da ƙari ba, ta kuma daina ɗaure ribom da ƙarfi a ƙarƙashin mayafi. Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, don haka sai a wata na huɗu muka ga canji. Ta yi sa'a ramukan gashin ba su mutu ba. Idan aka shekara da shekaru ana ja, wurin yakan zama tabo mai santsi, kuma daga nan man kaɗanya ko wani magani ba ya dawo da shi.

Zubewar jego daban take. Tana farawa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, gashin yana fita da yawa a matsefi daga ko'ina a kai, ko da yake an fi lura da shi a gefen goshi, babu zafi kuma babu ƙuraje, yawanci yana komawa daidai kafin yaro ya shekara. Zazzaɓi mai tsanani da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo irin wannan, kuma gwajin jini ne yake bayyana biyun ƙarshe. Kuskurenmu a zango shi ne yi wa mai jego kitso mai nauyi don a rufe wurin, sai a tara mata matsala biyu.

Wanda na fi so ki kula da shi shi ne na mata da suka manyanta, galibi bayan ɗaukewar al'ada. Goshin yana ja baya gaba ɗaya kamar an zana, fatar wurin ta yi sheƙi, babu wancan layin gajerun gashi sai ɗaiɗaikun sili a tsaye, sau da yawa gira ma ta zube. Wannan kumburi ne da ke kashe ramin gashi, sassauta kitso kaɗai ba ya tsayar da shi, sai an ga likitan fata da wuri. A wurin yara kuwa, fili mai zagaye da ɓawo da ƙaiƙayi makero ne, kuma na kai yana buƙatar maganin sha, na shafawa bai isa ba.

Game da 'yarki, ki duba girarta, ki duba ko layin gajerun gashin yana nan, ki kuma tambaye ta ko kitson yana hana ta barci a daren farko. Idan yana hana ta, a tsefe shi a ranar, ko da an riga an biya makitsiya.