Na samu p = 0.028 a bincikena, me zan ce na gano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Jidda, ina digiri na biyu. Na ɗauki masu hawan jini 80, na raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Arba'in na koya musu rage gishiri, arba'in suka ci gaba da kulawar da aka saba. Bayan wata uku matsakaicin awon sama na waɗanda na koyar 138 ne, na sauran 144, SD na kowane rukuni 12. Manhajar lissafi ta SPSS ta ba ni p = 0.028 da 95% CI daga 0.7 zuwa 11.3. Lambobi na gani, amma ban san me suke cewa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mu fara da 138 ɗin. Matsakaici ba komai ba ne illa a tara awon kowa a raba da yawan mutanen. Amfaninsa yana nan muddin awon bai karkata gefe ɗaya ba, kuma awon jini yawanci ba ya karkata sosai. Inda yake yaudara shi ne irin kwanakin kwanciya. A ce majinyata biyar sun kwana 2, 3, 3, 4 da 28, na ƙarshen saboda gyambon ƙafa na ciwon suga. Jimilla 40, matsakaici kwana 8, alhali huɗu cikin biyar ba su wuce kwana huɗu ba. A nan sai a jera lambobin a ɗauki ta tsakiya, wato 3, ita ce SPSS ke kira Median. Don haka ki zana hoton rarrabuwar awonki tukuna. In kika ga doguwar jela gefe guda, ki bi ta ki ga ko majinyaci ne na gaske, ko kuwa yatsa ne ya zame aka buga 1380 a maimakon 138.

SD kuwa yana gaya miki yadda mutanen suka bazu ne a kewayen matsakaicin. In rarrabuwar ta daidaita, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda kika koyar suna tsakanin 126 da 150.

Abin da kika gano shi ne bambancin 6 mmHg. Sai dai da wasu mutum 80 kika ɗauka, ba 6 daidai za ki samu ba, ƙila 4, ƙila 9. Girman wannan tangal-tangal ɗin ake aunawa da SE, kuma naki ga shi:

```
SE = √(12²/40 + 12²/40) = 2.68
95% CI = 6 ± (1.99 × 2.68) = 0.7, 11.3
t = 6 / 2.68 = 2.24
```

Kin ga ke nan p da CI daga tukunya ɗaya aka kwaso su. Ni dai shawarata a fara karanta CI, domin ya fi magana.

CI tazara ce da ke nuna girman tasirin da bayananki ba su kore ba. Naki yana cewa koyarwar tana iya rage awon sama da abin da bai kai 1 ba, tana kuma iya rage shi da 11. Dubi ƙarshen biyu da idon mai jinya. Ragin 11 babban abu ne, ya kai abin da ake tsammani daga ƙwayar maganin hawan jini guda. Ragin 0.7 kuwa ko na'urar awo ba za ta rarrabe shi a hannun mutum ɗaya ba. Ma'ana, akwai alamar koyarwar tana aiki, amma mutum 80 ba su isa su faɗi ko aikin nata babba ne ko ɗan mitsitsi ba. Kashi 95 ɗin kuma na hanyar lissafin ne: in aka maimaita binciken sau ɗari, kusan tazara 95 daga cikin waɗanda za a samu za su ƙunshi ainihin bambancin. Kada ki rubuta cewa kashi 95 na majinyata sun samu ragi tsakanin 0.7 da 11.3. Wannan kuskure ya zama ruwan dare a kundayen ɗalibai, kuma masu jarrabawa suna jiran sa.

Sai p. Ki ɗauka koyarwar ba ta yin komai sam, ƙuri'a ce kawai ta raba mutanen. Sau nawa za a ga bambancin da ya kai 6 ko fiye, ta kowane ɓangare? Kusan sau 28 cikin dubu. Wannan ne 0.028. Bai ce koyarwarki tana da tabbacin kashi 97 ba, bai kuma faɗi girman amfaninta ba. Iyakar 0.05 ma al'ada ce da ta yaɗu daga rubutun Ronald Fisher na 1925, ba wata katanga ba ce da ta raba 0.049 da 0.051. Tun da tazararki ba ta haɗa da sifili ba, dole p ya faɗo ƙasa da 0.05. 

Ga abin da yawan mutane ke yi wa lambobin nan. Bar bambancin a 6, SD a 12. Da mutum goma-goma ne, tazarar za ta tashi daga −5.3 zuwa 17.3, p ya zama kusan 0.28. Mai gaggawa zai ce koyarwa ba ta da amfani, alhali binciken ne ya yi ƙanƙanta har bai iya cewa komai ba. Da 160 ne a kowane rukuni, tazarar za ta tsuke zuwa 3.4 da 8.6, domin sai an ninka mutane sau huɗu faɗinta ke raguwa da rabi. Da kuma mutum 2,000 ne a kowane gefe, bambancin 1 mmHg kacal zai ba da p kusan 0.008, abin da ba zai sa kowa ya sauya yadda yake jinya ba.

Akwai abin da p da CI ba sa gani ko kaɗan, shi ne karkatar awo. In ke kika koyar kuma ke kika auna, kina sane da rukunin kowa, hannu kan yi sassauci ba da niyya ba. Maɗaurin da ya yi wa dantse kaɗan yana ƙara awon, haka ma auna mutum yana shigowa bai zauna ya huta minti biyar ba. Ki duba kuma lokacin da aka yi awon ƙarshe. In rukuni ɗaya an auna shi cikin Ramadan, ɗayan kuma bayan Sallah, cin abinci da barci da lokacin shan magani duk sun sauya, sai 6 ɗinki ya gauraya da azumi. Ki faɗi kuma mutum nawa suka daina zuwa a kowane rukuni.

Kada kuma ki yi ta gwaji har sai wani abu ya fito. In kika gwada abu ashirin da babu komai a cikinsu, ana sa ran ɗaya zai faɗo ƙasa da 0.05 haka kawai. Ki tsaya kan awon da kika ambata a tsarin bincikenki tun farko. Gwajin da ya dace da rukuni biyu mabambanta shi ne Independent-Samples T Test. Paired-Samples T Test na mutane ɗaya ne da aka auna kafin da bayan. In wani layi ya nuna .000 a ƙarƙashin Sig. (2-tailed), ki rubuta p < 0.001, domin p ba ya zama sifili.

A babin sakamako, jimla ɗaya ta ishe ki: matsakaicin awon sama na rukunin koyarwa ya yi ƙasa da na ɗaya rukunin da 6 mmHg (138 da 144, 95% CI 0.7 zuwa 11.3; p = 0.028). A babin tattaunawa sai ki ƙara da cewa ƙarshen tazarar na ƙasa bai kai ragin da zai amfani majinyaci ba, don haka ana bukatar a maimaita da mutane kamar 160 a kowane rukuni, kuma mai aunawa ya zama bai san rukunin kowa ba.