Ki ƙirga numfashinsa kafin ki koma kemis

"Dan Allah 'yan uwa, yarona ɗan wata 8 yau kwana uku yana mura da tari, tun jiya kuma na ga numfashinsa kamar sama-sama. Na ba shi sirop, in ci gaba ko in kai shi asibiti?"

Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa. Yanzun nan ki ɗaga masa riga ki ƙirga numfashin, ki sa agogon wayarki minti ɗaya cif, cikinsa ya taso ya koma ɗaya kenan. Amma sai yana barci ko yana kwance shiru, in yana kuka lissafin zai ruɗe ki. A shekarun yaron naki, wato wata 2 har kafin ya cika shekara, in kin samu 50 ko fiye to ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40 ne, jariri da bai kai wata 2 ba 60. In ya kai ki sake ƙirgawa, in bai sauka ba ki tafi asibiti yau, ana zargin namoniya kenan, sanyin haƙarƙari da muke cewa.

Ni abin da ya sa nake nanata wannan, 'yata tana wata 14 lokacin hunturu ta fara tari, na ce ƙura ce, na karɓo sirop a kemis ina ta shafa mata man zafi a ƙirji, kaka kuma tana cewa haƙori ne, kwana biyu muna a haka wallahi. Maƙwabciyata nas ce, ita ta shigo ta ƙirga 54, sannan ta nuna min ƙasan haƙarƙarinta, duk ta ja numfashi sai wajen ya lotsa ciki maimakon ya taso, hancin nan na buɗewa yana rufewa. Ni da nake tare da ita ban lura ba don kullum tana cikin suwaita. Muna zuwa aka maƙala mata ɗan abin nan mai auna oksijin na jini a yatsan ƙafa ya nuna 88, likita ya ce ƙasa da 90 sai oksijin. Kwana 4 muka yi a kwance ana allura.

In da wuri aka je, sau da yawa amoksisilin ne mai narkewa a ruwa ku dawo gida, amma su za su auna gwargwadon nauyinsa, kuma ko ya warware a kwana biyu ki ƙarasa maganin. Sirop ɗin tari ba ya taɓa cutar da ke huhu.

In kuwa kin ga ƙirjin na lotsawa, ko ya ƙi kama nono sam, ko komai ya sha sai amai, ko jijjiga, ko barcin da kina tashinsa ba ya farkawa sosai, ko yana nishi, ko leɓe ya yi shuɗi-shuɗi, kar ki tsaya ƙirga ko jiran Baban ya dawo, ko tsakar dare ne ki nemi adaidaita. Ki tafi da katin rigakafinsa da kwalbar sirop ɗin, za su tambaya.